Jinga ko lissafin awa: wa ke ɗaukar asarar aikin da ba a san ƙarshensa ba?

Yau maganarmu ta shafi mutanen da ba su da albashin ƙarshen wata, waɗanda ke cin abinci da ƙwarewarsu, aiki bayan aiki: mai fassara, mai buga takardu, mai gyaran na'ura, mai zanen gini, mai haɗa wutar hasken rana, da ƙwararren da furoje kan ɗauka na ɗan lokaci. Duk ranar da aka kawo wa ɗayansu aiki, tambaya guda ke gabansa tun bai taɓa komi ba. Ya yanke kuɗin aikin a dunƙule, ko kuwa ya ce a biya shi gwargwadon awoyi da kwanakin da aikin ya ci?

Tambayar ba baƙuwa ba ce gare mu. Manomi ya san bambancin ba da noman gona jinga da ɗaukar ƴan ƙodago na yini. In jinga ce, an ga gona, an yi ciniki, ko ka gama da azahar ko ka kai kwana 3, kuɗinka bai ƙaruwa, bai raguwa. In yini ne, rana ke yanke hisabi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma sun daɗe da raba su. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bambanta ijara da ji'ala, an kuma kawo haƙar rijiya da nemo raƙumin da ya ɓace cikin misalan ji'ala, inda ba a sa wa'adi, mai aiki kuma ba shi da komi sai in aikin ya kammala. Mai karatu ya lura da misalan nan biyu: duka ayyuka ne da ba wanda ya san iyakarsu ranar da aka fara su.

In aikin sananne ne, babu wata doguwar magana. Tela da ya ɗinka babbar riga ɗari ya san kwanakin da ta ɗari da ɗaya za ta ci, jinga ce ta fi masa, don saurin hannunsa riba ce gare shi. Inda gizo ke saƙa shi ne aikin da cikinsa ke rufe. Ra'ayina a nan shi ne lissafin lokaci ya fi kare mai aiki, amma da sharuɗɗan da in babu su kariyar ba ta wuce baki ba. Bari mu bi misali guda daki-daki, da lissafinsa, don a ga dalili.

Mu ƙaddara wani mai fassara ne a Maraɗi. Wani furoje ya zagaya ƙauyuka yana tattaunawa da jama'a kan sha'anin ruwan sha, an ɗauki muryoyi a waya, jimillarsu awa 20. Ana son ya saurara, ya rubuta duk abin da aka faɗa da Hausa, sannan ya juya shi zuwa Faransanci. Ya san hannunsa: in murya ta fito tangaram, awa 1 ta magana kan ci masa awa 6 na aiki, rubutu da fassara. Sai ya buga lissafi, awa 20 sau 6, ya samu awa 120, wato kwana 20 in yana yin awa 6 a yini. Yana son kowace awa ta kawo masa sefa 2.500, jika 15 ke nan a yini. Ya ce jika 300 jinga, aka amsa masa nan take, aka sa hannu.

Da ya buɗe muryoyin sai ya tarar awa 8 kaɗai ne na hira da mutum guda a cikin ɗaki. Waɗannan sun tafi yadda ya zata, sun ci awa 48. Sauran awa 12 taron mata ne a gindin itace, an ajiye waya a tsakiyar tabarma. Iska na kaɗawa, ana daka a gidan maƙwabta, jariri na kuka, mutum uku na magana lokaci guda, wadda ta fi kowa faɗin abu mai ma'ana kuma ita ce ta fi nisa da wayar. Jimla guda sai ya maimaita ta sau biyar kafin ya tabbatar da abin da aka ce. A nan kowace awa ta ci masa awa 11, jimilla 132. Ga shi a ƙauyuka biyu wasu matan da Fulatanci suka amsa, dole ya nemi wanda ya iya, ya biya shi jika 30 daga aljihunsa. Da ya kai aikin, sai shugabar binciken ta ce ai tana son a nuna mai magana a kowane layi, da mintin da ta yi maganar. Ba a faɗi haka ba tun farko, ba a kuma ce ba a so ba. Ya koma ya ƙara awa 20.

Yanzu a tara. Awa 48 da 132 da 20 sun zama awa 200. Kuɗin da ya rage hannunsa jika 270. In aka raba, awarsa ta faɗo daga sefa 2.500 zuwa 1.350, kusan rabi ya tafi. Aikin da ya sa wa kwana 20 ya haura kwana 33, cikin kwanakin nan 13 na ƙari kuwa duk wanda ya kawo masa wani aiki sai dai ya ba shi haƙuri. Bai da bakin kuka, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Wani zai ce ai jinga caca ce mai fuska biyu, wata rana kai ke ci. Gaskiya ne, amma a dubi girman fuskokin. Da a ce muryoyin duka sun fi yadda ya zata kyau, iyakarta awa 6 ta koma 5, ya gama cikin awa 100, awarsa ta tashi sefa 3.000. Ribar 500 ke nan a kowace awa. Aiki yana da ƙasan da bai iya wucewa, don ko ƙaƙa murya ta yi kyau sai an saurare ta an rubuta. Ta sama kuwa ba shi da rufi. Abin da zai sa aiki ya yi sauri kaɗan ne, abin da zai jinkirta shi ba ya ƙirguwa. Mai karɓar jinga kan aikin da bai gani ba yana sa hannu ne kan ƙaramar riba da babbar asara.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Mai fassarar da ya taɓa ƙonewa zai ce, to, bari in sa kuɗin haɗari a ciki, in nemi jika 450. Daidai ne a lissafi. Sai dai furoje yakan nemi farashi wajen mutum uku, ya ɗauki mai araha. Wa zai zama mai araha? Wanda ya fi kowa raina wahalar aikin. Ta haka jinga kan faɗa hannun wanda ƙiyasinsa ya fi kuskure, shi kuwa yana murna ya ci kasuwa.

Kada kuma a yi tsammanin alƙali zai gyara abin da ciniki ya ɓata. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda tamu ta samo asali daga gare ta, ta yi magana ƙarara a kan magina a aya ta 1793: wanda ya karɓi gini a dunƙule bisa zanen da aka amince da shi ba shi da ikon neman ƙari don kaya ko lada sun yi tsada, ko don an sake wani abu a zanen, sai in mai gini ya yarda da sakewar a rubuce an kuma daidaita kuɗinta. Ayar ta gini ce, amma tana nuna yadda shari'a ke kallon jinga: abin da ka faɗa shi ke ɗaure ka. Dattawan ƴan kwangila ba su manta watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya karɓi aiki a dunƙule kafin ranar, kayansa kuma na waje ne bai riga ya saya ba, ya kwana da farashi guda ya tashi da wani.

To, da mai fassararmu ya ce a biya shi da awa fa? A takarda ya tsira: awa 200 sau 2.500, jika 500, ban da kuɗin mai Fulatanci. Haɗarin ya tashi daga kansa ya koma kan furoje, kuma nan ne mazauninsa na gaskiya, tunda su suka ɗauki muryoyin, su suka zaɓi gindin itace, su suka san akwai Fulatanci a ciki, su ne kuma suka sake shawara a kan tsarin rubutun. Wanda ke riƙe da sanadin wahala shi ya kamata ya biya kuɗinta. Manyan masu ba da kwangila sun san haka. A ƙa'idojin Bankin Duniya na ɗaukar ƙwararru akwai yarjejeniyar dunƙule da ta lokaci, an kuma tanadi ta lokaci domin aikin da ke da wuya a fayyace faɗinsa da tsawonsa tun farko, tare da sa mata iyakar kuɗin da ba za a wuce ba.

Sai dai takarda daban, karɓar kuɗi daban. Ka ɗauka ya yi shiru wata guda da kwanaki, sannan ya shigo ofis da faktir ta jika 500, alhali mai kula da kuɗin furoje jika 300 ya ware. Abin da zai fara ji shi ne: wa ya gan ka kana yin awa 200? Ɗan ƙodago a gona mai gona na ganinsa. Mai fassara a ɗakinsa yake, ba shaida sai Allah. Daga nan sai ciniki ya dawo sabo, bayan aiki ya riga ya fita hannunsa, wanda kuwa ya riga ya ba da kaya ba shi da sauran ƙarfi a ciniki. Sau da yawa a nan ake tashi a jika 350 da ɓacin rai, kuma ba a sake kiransa. Lissafin awa yana da wani aibin: yana cutar gwani. Wanda ya shekara 15 yana aikin zai gama cikin awa 8 abin da sabon shiga zai yi awa 12 a kansa, in kuɗin awarsu ɗaya ne sai gwanin ya tashi da kaɗan. Maganin wannan a farashin awa yake, gwani ya tsadanta awarsa, kada ya ja aiki.

Saboda haka abin da nake ba da shawara ya fara ne tun kafin a ambaci kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Mai fassara ya ce a ba shi muryoyin duka, da kwana 2 na dubawa, a biya shi jika 30 kuɗin kwanakin, ko an ba shi sauran aikin ko ba a ba shi ba. Cikin kwanakin nan zai saurari ƴan mintoci daga kowace hira, daga tsakiya, don farkon hira kullum shiru ne, ana gaisuwa, mai tambaya na kusa da waya. Sai an yi nisa ne taro ke ɗumama, baki ya yi yawa. Sannan ya zaɓi minti 15 daga mai kyau da minti 15 daga marar kyau, ya yi musu cikakken aiki da agogo a gabansa. In na farko ya ci awa 1 da rabi, na biyu ya ci awa 2 da minti 45, to ya samu awa 6 da awa 11 ɗinsa tun kafin su same shi. Wanga ɗan samfuri kuma shi zai kai wa shugabar binciken ta gani, ta ce haka take so ko a ƙara sunan mai magana da minti. Ta sa hannu a kansa, ya zama ma'aunin abin da ake kira an gama.

Bayan dubawa aikin ya rabu biyu, kowane kashi da irin cinikinsa. Awa 8 masu kyau an san su yanzu, sai a yi musu jinga: jika 15 kowace awa ta murya, jika 120. In ya yi sauri ribarsa ce, furoje kuma bai damu ba. Awa 12 na taron mata a bi su da lokaci, sefa 2.500 a awa, da rufin awa 140, wato jika 350, wanda ba zai haura ba sai da sabuwar yarda a rubuce. Kuɗin mai Fulatanci a ware shi daban, furoje ya biya bisa rasit. Duka-duka, har da kwanakin dubawa, abin ba zai wuce jika 500 ba ban da na Fulatancin, kuma mai kula da kuɗi ya san haka tun ranar farko. In ya ce kuɗinsu bai kai ba, wannan ma alheri ne, don yanzu ne lokacin zaɓi: a rage yawan hirarrakin, ko a ce shida daga cikin na taron a taƙaita su kawai ba sai an rubuta kalma-kalma ba. Gara a rage aiki da a rage ladan mai aiki.

Haka gwanayen masu haƙar rijiya ke yi in sun samu mai fahimta. Ba su cewa rijiya kaza ce kuɗinta, don ba su san gaba nawa ruwa yake ba. Sukan yanke kuɗin kowace gaba, na rairayi daban, na dutse daban. Wanda ya saba haƙa a gulbin Maraɗi in ya ɗauki farashinsa ya kai duwatsun Adar a dunƙule, shi da iyalinsa za su ji a jika.

Rufin nan yana da tarko, ya kamata a san shi. In aka rubuta cewa za a biya da awa har zuwa 140 amma dole a gama aikin duka, to jinga ce aka sa wa wata riga, har ta fi jinga muni: in ya yi sauri a biya shi kaɗan, in aiki ya yi tsawo ya ƙarasa kyauta. Abin da za a rubuta shi ne, in an kai rufi aiki ya tsaya, a miƙa abin da aka gama, a zauna a sake shawara. Kada kuma ya jira sai ya kai 140. Da ya cika awa 100 sai ya aika da saƙo: ga hirarrakin da na gama, ga waɗanda suka rage, ga awoyin da nake ganin za su ci. In a awa 100 ya gama awa 9 na murya cikin 12, yana kan hanya, saura awa 33. In 7 kaɗai ya gama, kowace awa na cin sama da 14 ke nan, rufin ba zai isa ba, kuma gara a ji haka yau da a ji ranar biya.

Maganar wa ya gan ka kuwa, littafi ke kashe ta. Kowace rana ya rubuta kwanan wata, hirar da ya yi aiki a kanta, daga minti kaza zuwa minti kaza, da awoyin da ya yi. Ƙarshen kowane sati ya aika da shafin tare da rubutun da ya gama, a tabbatar masa an gani, ko da ta saƙon waya ne. Wanda ya amince da awa 30 sau huɗu a jere zai ji nauyin musanta 120 a ƙarshe. Littafin sai ya zama na gaskiya ƙwarai. Awar da kuran ya ɗauke ya zauna jira, ko wadda ya tafi jana'iza, ba ta shiga ciki, wannan nasa ne. Amma yinin da aka kira shi ofis ya wuni yana jiran a ba shi sauran muryoyi, wannan na furoje ne, in dai an faɗi haka tun farko.

Biya ma kada a tara shi ƙarshe. Ya karɓi kafin alƙalami, ko da kashi 30 cikin 100 na ɓangaren jinga, sauran kuma duk sati 2 bisa littafin awoyi. Dalili shi ne lissafin lokaci na ba mai aiki kariya daga tsawon aiki, amma bai hana a ce masa tsaya a tsakiya. Furoje na iya rasa kuɗi, ko shugaba ya sauya. In ana biyansa duk sati 2, mafi munin abin da zai rasa ladan sati 2 ne.

Za a ce da ni, malam, wanda ke neman na cefane yana da bakin kafa wa furoje sharuɗɗa? Sau da yawa ba shi da shi, na sani. Wasu ofisoshin ma tsarin kuɗinsu bai karɓar komi sai adadi guda a dunƙule. In haka ta kama, akwai abin da ya rage. Ya karɓi jingar, amma ya cika takardar da abin da ya gina farashinsa a kai: awa 20 na murya, da Hausa zalla, mai magana bai wuce biyu ba, tsarin rubutu irin na samfurin da aka haɗa, gyara sau ɗaya. Ya ƙara layi guda a ƙasa, cewa duk abin da ya fita daga wannan za a biya shi sefa 2.500 a awa bayan an amince a rubuce. Layin nan bai tsoratar da mai gaskiya, don bai ƙara masa ko dala ba muddin abin da ya faɗa game da aikin haka yake.

In kuwa aka hana shi sauraron muryoyin kafin ya faɗi kuɗi, aka ƙi layin nan na ƙasa, aka kuma kasa gaya masa mutum guda wanda in ya ce aiki ya yi to ya yi, ni dai shawarata ya ninka ƙiyasinsa ko ya bar aikin ya wuce. Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda mai zaman kansa zai gane kuɗin awarsa tun asali, da abin da ya kamata ya sa a ciki na haya, da kuran, da lanho, da kwanakin da ba aiki.